Gwada taƙaitaccen bayani da hotunan shafukan asali: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Na karanta taƙaitawar sau biyu ban ga kuskure ba. Bai isa ba?

Bai isa ba. Wanda ya karanta taƙaitawa ita kaɗai zai kama kuskuren rubutu ne kawai, domin lambar da aka buga ba daidai ba tana zaune a cikin jimla lafiya lau, babu abin da zai nuna ta sai an ajiye shafin asali a gefenta.

Daga ina zan fara?

Ka fara da ƙirga hotunan, ka tabbatar lambobin shafuka suna bin juna kuma babu shafin da aka ɗauka sau biyu aka tsallake na kusa da shi. Bayan haka ka duba ƙasan kowane hoto, saboda can ne ƙananan bayanai suke, kuma can ne mai ɗaukar hoto ya fi yankewa. Na sha ganin wanda ya ɓata yini guda yana neman wata magana a hotuna goma sha ɗaya, alhali takardar shafi goma sha biyu ce.

Waɗanne lambobi ne suka fi rikicewa?

A rubutun hannu ko hoto mai duhu, 1 da 7, 3 da 8, 5 da 6, 4 da 9, sai kuma sifili da 6. Waƙafi da ɗigo ma suna rikiɗa, kuma 1,250 da 1.250 ba abu ɗaya ba ne. Ka ƙara girman hoton ka karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, misali 463 ka ce huɗu, shida, uku, kada ka haɗiye ta a dunƙule. Idan jadawali ne kuma shafin ya lanƙwasa wajen ɗinkin littafi, ka bi layin da gefen takarda ko da yatsa, domin ido yana zamewa zuwa layin ƙasa ba tare da mai shi ya sani ba.

Sunan ai kusan ɗaya ne, harafi guda ne ya bambanta. Sai na gyara?

Sai ka gyara, kuma ina mamakin yadda wannan tambaya take dawowa. Hasan da Hassan, ko Halima da Halimatu, suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama mutum biyu, kuma ba mai dubawa ne zai yanke wannan hukunci ba. Ka kwafe sunan yadda yake a shafin, tare da muƙamin da aka jingina masa, domin mataimakin shugaba yakan wayi gari shugaba a taƙaitawa, mai riƙon ƙwarya kuma ya koma cikakken mai kujera.

Ai taƙaitawa yankewa ce. Ta yaya zan san kalmar da za a iya zubarwa da wadda ba za a iya ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da ƙa'ida guda da za ta raba gardama a kowane hali. Abin da zan fara faɗa shi ne, duba iri biyu ne, kuma yawancin mutane ɗaya kawai suke yi. Lamba da suna ana binsu daga taƙaitawa zuwa hoto: ka ga lamba, ka je ka nemo ta a shafi. Kalmar togaciya kuwa ba ta kamuwa ta wannan hanya, domin abin da aka zubar ba ya nan balle ya tura ka nema. Dole ka juya, ka karanta shafin asali tukuna, ka ja layi a ƙarƙashin irin su kimanin, aƙalla, galibi, mai yiwuwa, ban da, sai dai idan, ana zargin, sannan ka koma taƙaitawar ka ga inda kowacce ta shiga.

Ɗauki misalin rahoton wani shirin horarwa. Jadawalin shafi na huɗu ya nuna rukuni uku, 158 da 172 da 133, jimla 463. A shafi na bakwai an rubuta cewa aƙalla mutum 120 ba su kammala ba, ban da waɗanda suka shiga bayan watan Maris. Taƙaitawar kuma ta ce mutum 436 suka yi rajista, 120 ba su kammala ba. Kuskuren farko mai sauƙi ne: an juya 6 da 3. Tara rukunan uku zai nuna shi, kuma bambancin 27 yana rabuwa da tara, wanda alama ce ta lambobi biyu da suka yi musayar wuri, ko da yake alama ce kawai, ba hujja ba. Na biyun shi ne mai ɓarna. Wanda ya karanta taƙaitawar, ko bayan an gyara jimlar, zai cire 120 daga 463 ya ce mutum 343 ne suka kammala. Rahoton bai faɗi haka ba. Abin da za a iya fitarwa daga gare shi shi ne waɗanda suka kammala ba su wuce 343 ba, kuma adadinsu yana iya yin ƙasa da haka sosai, tunda ba a lissafa 'yan bayan Maris ba.

Saboda haka gwajin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko mai karatu zai yi wani lissafi, ko ya ɗauki wani mataki, ko ya ɗora wa wani laifi da jimlar bayan an cire kalmar, abin da ba zai yi ba da tana nan. Idan amsar e ce, kalmar ta zauna. Aƙalla da ban da kusan kullum suna zama, haka ma ana zargin, domin cire ta yana mai da zargi hukunci. Amma akwai marubutan da suke yayyafa wataƙila a kowace jimla don ladabi kawai, kuma kwashe su duka zuwa taƙaitawa zai sa ta zama ba ta faɗi komai ba. A irin wannan hali yakan wadatar a ce sau ɗaya a farkon sakin layi cewa alƙaluman na wucin gadi ne. Na ce yakan wadatar ne, domin idan akwai yiwuwar wani ya ciro jimla guda ya kai ta wani wuri ita kaɗai, togaciyar da ke can sama ba za ta bi ta ba, kuma a nan gara a maimaita.

Lambar ba ta fito sosai a hoton ba, amma ina ganin 8 ce.

Kada ka buga abin da kake gani da zato. Ka nemi a sake ɗaukar shafin, ko ka duba ko jimlar jadawalin za ta fitar da lambar. Idan duka biyun sun gagara, ka rubuta cewa ba ta karantuwa, ka ambaci shafin. Babu abin kunya a cikin wannan.

Idan takardar asali ce ta saɓa wa kanta fa?

Yana faruwa, musamman tsakanin jadawali da bayanin da ke ƙarƙashinsa. Ba aikinka ba ne ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka a rai. Ka kawo lambobin biyu da shafin kowacce, ka miƙa wa mai takardar ya warware. Haka ma kwanan wata irin 03/04, ka nemi wani kwanan a cikin takardar da lambarsa ta wuce 12 domin ka gane ko rana ce a gaba ko wata, sannan ka rubuta sunan watan da haruffa.