Matsakaicin kuɗin shiga da kuɗin mutum na tsakiya: me ya raba su?

Idan aka ce matsakaicin abin da magidanci ke samu a wata unguwa naira 300,000 ne a wata, mai sauraro zai ɗauka yawancin gidajen unguwar kusan haka suke samu. Ba lallai ba ne. Hanyoyi biyu ake bi wajen fitar da adadi ɗaya da zai wakilci jama'a, kuma a harkar kuɗin shiga sukan ba da amsoshi masu nisa da juna.

Hanya ta farko ita ce matsakaici, wadda aka koya mana a firamare: a tara kuɗin kowa wuri ɗaya, a raba da yawan mutanen. Ta biyu ita ce adadin tsakiya: a jera mutane daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a duba abin da wanda ya faɗo daidai tsakiyar layi yake samu. Rabin jama'a suna ƙasa da shi, rabi suna sama.

Mu ƙaddara wani layi mai gidaje tara. Gidaje huɗu na farko suna samun naira 35,000, da 40,000, da 45,000, da 50,000 a wata. Na biyar, wani tela, yana samun 60,000. Uku na gaba suna samun 70,000, da 80,000, da 120,000. Gida na tara na wani babban ɗan kasuwa ne mai sarin hatsi, yana samun naira miliyan 2.2. Jimilla ta kama miliyan 2.7, idan aka raba gida tara kowa ya tashi da 300,000. Adadin tsakiya kuwa shi ne na telan, 60,000, domin gidaje huɗu ne a ƙasansa, huɗu a samansa.

Lissafin matsakaicin daidai yake, babu kuskure a ciki. Amma gidaje takwas cikin tara ba su kai ko rabinsa ba, kuma biyar ba su kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a Najeriya a 2024 ba. Wanda ya riƙe 300,000 ya ce layin nan ba ya buƙatar tallafi, ko ya yanka wa kowane gida kuɗin gyaran rijiyar burtsatse a kan wannan adadin, ya zalunci mutum takwas saboda arzikin mutum ɗaya.

Yanzu a ce ɗan kasuwar ya tashi ya koma wata unguwa. Saura gidaje takwas da jimillar 500,000, matsakaici ya faɗo zuwa 62,500. Tunda takwas ba ta da na tsakiya guda ɗaya, sai a ɗauki biyun da ke tsakiya, 50,000 da 60,000, a haɗa a raba biyu, a samu 55,000. Matsakaici ya rushe, na tsakiya bai motsa sosai ba, kuma a gaskiya babu abin da ya sauya a tukunyar kowa. Dalili shi ne samun mutum ba ya sauka ƙasa da sifili a yawancin ƙidaya, amma ta sama ba shi da iyaka, don haka 'yan tsirarun masu kuɗi kullum sama suke jan matsakaici.

Wannan ba ya nufin a jefar da matsakaici. Shi kaɗai ne idan aka ninka shi da yawan gidaje yake mayar da jimilla, don haka mai son sanin yawan kuɗin da ke shiga unguwa gaba ɗaya shi zai nema. Abin da ake kira kuɗin shiga na kowane ɗan ƙasa ma matsakaici ne, shi ya sa yakan hau alhali talaka bai gani a ƙasa ba. Shi ma adadin tsakiya yana da nasa makanta. Da gidan da ke samun 35,000 zai faɗo zuwa 10,000, na tsakiya yana nan a 60,000, ko gezau. Mai bibiyar halin waɗanda suka fi talauci dole ya ƙirga gidajen da ke ƙasa da wani ma'auni kai tsaye.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda aka dosa ita ce a nemi adadin biyu tare. Idan suna kusa da juna, babu 'yan tsirarun masu kuɗi da ke jan matsakaici sama sosai. Idan matsakaici ya ninka na tsakiya sau biyar, kamar a layin nan, kuɗin a hannun 'yan kaɗan yake. Mai jerin adadin a Excel zai samu na farko da =AVERAGE(A1:A9), na biyu da =MEDIAN(A1:A9).