Idan samu ya ragu: wasiƙar neman banki ya sake tsara biyan bashi

Babu dokar da ta tilasta wa banki a Najeriya ya rage maka biyan wata-wata don albashinka ya ragu ko kasuwa ta ja baya. Takardar da ka sa wa hannu ranar karɓar bashi yarjejeniya ce, kuma ba a sauya yarjejeniya sai da yardar ɓangarorin biyu. Saboda haka wasiƙar da za ka rubuta tayi ce kake miƙawa, banki na iya karɓa, yana iya ƙi, yana kuma iya dawo maka da nasa lissafin. Abin da ke sa a karɓa shi ne alƙaluman da ke cikinta. Jami'in da zai karanta ba shi ke yanke hukunci ba, zai kai maganar gaban masu kula da basussuka ne, su kuwa tambayarsu ɗaya ce: nawa mutumin nan zai iya biya, har zuwa yaushe, kuma mece ce shaida?

Bankin ma yana da dalilin saurararka. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, bashin da aka yi kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun basussukan da suka tsaya, kuma daga nan dole banki ya fara ware kuɗi daga ribarsa don toshe giɓin. A ƙananan bankuna na maikurofainans ƙidayar ta fi haka gajarta. Wannan ya sa lokacin rubuta wasiƙar shi ne kafin ranar biya ta wuce ka, ko cikin kwanakin farko bayan ta wuce. Wanda ya zo da sitatimen mai tsabta yana cewa wata mai zuwa ba zan iya cika adadin ba, maganarsa ta fi nauyi a kan ta wanda aka yi wata uku ana kiran wayarsa a kashe.

Mutane da yawa suna tsoron tarar jinkiri, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ke biyo baya. Jadawalin caje-cajen da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya ba da kwana 7 ba tare da tara ba, bayan haka tarar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin da aka kasa biya a kowane wata, ƙari a kan kuɗin ruwan da ke tafiya. Abin da ya fi ciwo shi ne tsarin GSI, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2020. Idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashi, kuma yawancin takardun bashi na yanzu suna ɗauke da shi, to in ka kasa biya banki na iya bin lambar BVN ɗinka ya ciro kuɗi daga asusunka na wasu bankuna ba tare da ya sake tambayarka ba. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda a cira ta wannan hanya, ban da tara, amma hakan bai rage raɗaɗin wayewar gari a ga kuɗin makarantar yara ya tafi ba. Ga kuma sunanka da zai shiga rahoton kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, inda duk mai ba da bashi zai gani nan gaba.

Mu ɗauki misali da lissafinsa. A ce ma'aikacin wani kamfani a Kano ya karɓi naira 1,200,000 na wata 24, ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara, wato kashi 2.5 a wata a kan abin da ya rage. Biyansa na wata naira 67,095 ne. Lokacin yana ɗaukar 220,000, biyan bai kai kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba. Ya biya wata 10 ba fashi, sai kamfani ya soke aikin dare da alawus ɗinsa, albashi ya dawo 135,000. Yanzu bashin yana cin kusan rabin abin da ke shigo masa.

Kafin ya rubuta komai, sai ya je reshe ya nemi sitatimen na asusun bashin da jadawalin biya, don ya san ainihin uwar kuɗin da ta rage. A nan ake yawan kuskure. Mutum zai ninka 67,095 sau 14 ya sami 939,330, ya rubuta cewa shi ne bashin da ke kansa. Wannan adadin ya haɗa da ruwan watannin da ba su zo ba tukuna. Uwar kuɗin da ta rage kusan naira 784,400 ce, kuma a kanta ake gina sabon tsari. Idan ka bari aka gina a kan 939,330, za ka biya ruwa a kan ruwa. Wanda bashinsa ruwan bai-ɗaya ne, wato ana lissafa shi a kan duk kuɗin da aka karɓa tun farko kamar yadda ƙananan bankuna da yawa ke yi, ya nemi a rubuta masa uwar kuɗi daban, ruwa daban.

Daga 784,400 ɗin nan sai lamba ta biyu ta fito, wadda ita ce ƙashin bayan tayin: ruwan wata ɗaya, naira 19,610. Duk tayin da ya gaza wannan ba ya rage bashin ko da kwabo, ƙara shi yake yi, kuma ba za a karɓa ba. Tayin da ya ɗara shi kaɗan ma tarko ne ga mai bashin kansa. Idan mutumin nan ya ce zai riƙa biyan 25,000, naira 5,390 kacal ke taɓa uwar kuɗi a watan farko, kuma zai yi kusan wata 62 yana biya, sama da shekara biyar, a kan bashin da saura wata 14 ya ƙare.

Ma'aunin da masu ba da bashin albashi suka saba da shi shi ne kada biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. Kashi ɗaya cikin uku na 135,000 shi ne 45,000. Idan aka shimfiɗa 784,400 a kan wata 24 da ruwan da yake kai, biyan wata zai zama kusan 43,860, ya shiga cikin ma'aunin. Sauƙin yana da farashi, kuma ya kamata mutum ya gan shi da idonsa kafin ya sa hannu: jimillar abin da zai biya za ta kai kusan 1,052,600 maimakon 939,330, ƙarin kusan 113,000 ke nan. Akwai kuma cajin sake tsari, wanda jadawalin 2020 ya ce ana iya ciniki a kansa, ba ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ake sake wa tsari, kuma sau ɗaya ake biya. A nan bai wuce naira 3,922 ba.

Idan raguwar ta ɗan lokaci ce, misali kamfani ya rubuta cewa aikin dare zai dawo bayan wata uku, tsawaita wa'adi da wata 10 asara ce. Gara ya nemi a bar shi ya biya ruwa kaɗai, 19,610, na wata uku, sannan ya koma kan 67,095 na sauran wata 14. Wannan ƙarin 58,830 kawai zai ci. Sharaɗinsa shi ne tabbacin cewa kuɗin zai dawo a ranar da aka faɗa, domin wanda ya karya tsari na biyu da wuya a ba shi na uku.

Wasiƙar shafi ɗaya ce, zuwa ga manajan reshen da aka karɓi bashin, da kwanan wata, suna, lambar asusun bashi da lambar waya. Bankuna da Turanci suke aiki, don haka wanda zai sa a fassara masa ya zauna ya duba kowace lamba da kansa. Cikinta zai tafi kamar haka:

"Ranka ya daɗe, na karɓi bashin naira 1,200,000 na wata 24, ina biyan naira 67,095 a wata, kuma na biya wata 10 a kan lokaci. Tun watan jiya albashina ya sauko daga 220,000 zuwa 135,000 saboda kamfaninmu ya soke aikin dare. Bisa sitatimen da reshenku ya ba ni, uwar kuɗin da ta rage naira 784,400 ce. Ina roƙon a sake shimfiɗa ta a kan wata 24 da ruwan da yake kai, in riƙa biyan naira 43,860 a ranar 28 ga kowane wata, daga wata mai kamawa. Ina kuma roƙon a dakatar da tara da cirar kuɗi ta GSI har a yanke shawara, a ba ni amsa a rubuce. Na haɗo takardar kamfani, takardun albashi na wata uku da sitatimen na wata shida."

Ranar biya da ka zaɓa ta zama bayan ranar shigar albashi da kwana biyu ko uku. Ɗan kasuwa da ba shi da takardar albashi ya haɗa da littafin ciniki, rasitan sari da sitatimen na POS idan yana da shi. Labarin haya da rashin lafiya yana da amfani idan akwai takardarsa, in babu, jimla ɗaya ta isa. Ka buga kwafi biyu, a buga wa naka sitam na karɓa da kwanan wata da sa hannu. Alkawarin da jami'i ya yi maka a waya cewa kada ka damu ba ya hana kwamfuta ƙirga kwanaki.

Miƙa wasiƙa ba ya dakatar da tsohuwar yarjejeniya. Har ranar da aka ba ka sabuwar takardar tayi ka sa hannu, 67,095 ake bin ka. Ka ci gaba da zuba aƙalla adadin da ka yi tayinsa a ranar da ka ambata, domin shi ne shaidar cewa lambarka gaskiya ce. Idan sabuwar takardar ta zo, ka duba ko an ɗaga ruwan, ko an zuba tarar baya cikin uwar kuɗi, ko an ƙara jingina. Ka sani kuma wasiƙar da ka miƙa amincewa ce a rubuce cewa ana bin ka kuɗin, kuma ana iya kafa hujja da ita a kotu. Idan kana ganin an yi maka cajin da ya wuce ƙa'ida, ka rubuta cewa adadin bisa sitatimen na banki ne kuma kana neman a sake duba shi.

Wanda ya tsaya maka, ka sanar da shi tun kafin banki ya kira shi. A shari'ance, sauya sharuɗɗan bashi ba da yardar wanda ya tsaya ba na iya sauke masa nauyin, shi ya sa banki zai nemi sa hannunsa a sabon tsarin. Nauyin wata 14 ne zai koma na wata 24 a wuyansa, yana da haƙƙin ya sani.

A bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, lissafin ya bambanta. A cinikin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka bashi, an riga an yanke farashin kaya da ribarsa tun farko, ya zama bashi tsayayye, kuma ƙara shi saboda ƙarin lokaci kuɗin ruwa ne da shari'ar Musulunci ta hana. Tayinka a can shi ne a raba ragowar farashin a kan watanni masu yawa. Tarar jinkiri, inda aka sa ta, sadaka ake bayarwa da ita, ba ta shiga ribar banki.

Idan banki ya ƙi tayin, ƙin kansa ba laifi ba ne da za a kai ƙara a kai, sai dai ka nemi jin adadin da za su karɓa. Amma idan an caje ka fiye da jadawali, ko an cire tara ta GSI, ka fara shigar da ƙorafi a rubuce a bankin ka karɓi lambar ƙorafin. In wa'adin warwarewa ya wuce ba a yi komai ba, ka tura wa Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da lambar ƙorafin da kwafin nan mai sitam.