Kafin a karɓi fitsarin ɗanka a makaranta

Iyaye da malamai, assalamu alaikum. A unguwannin da ke bakin kogin Kaduna, inda yara ke wanka da kamun kifi, ɗalibai da ma'aikatan lafiya kan zo makarantu binciken tsargiya. Sukan raba 'yan kwalabe tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, domin a lokacin ne ƙwayayen cutar suka fi fita a fitsari. Aiki ne mai amfani, ni ma na sha yin sa. Sai dai yana da ƙa'ida.

Hedimasta zai iya buɗe ƙofar makaranta, mai unguwa ya sa albarka, amma ba su da ikon amincewa a madadinka. Izini na uba ne ko uwa ko mai riƙon yaron. Dole a yi maka bayani da Hausa: me za a ɗiba, me za a yi da shi, wa zai ga sakamakon, kuma idan an sami cutar wa zai ba da magani. Idan ba ka karatun boko, a karanta maka a gaban shaidar da ba ta cikin masu binciken, sannan ka dangwala. Nemi ka ga takardar kwamitin ɗa'a da ya tantance aikin. Ma'aikatar lafiya ta jiha da asibitocin koyarwa suna da irin wannan kwamiti. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba.

Bayan izininka akwai na yaron kansa, kuma a nan aka fi yin sake. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su musa wa babba. Malami na tsaye da bulala a hannu, ka tambayi yarinya ko ta yarda, me kake jira ta ce? Shi ya sa nake roƙon malamai su ba mu wuri, in tambayi kowane yaro shi kaɗai. Wanda ya sunkuyar da kai, ko ya ɓoye kwalbar a bayansa, ya riga ya ba ni amsa, ko da mahaifinsa ya sa hannu. Biskit ko sabulu in za a raba, a ba har wanda ya ƙi, kada kyauta ta zama ƙugiya.

A jikin kwalba lamba ake rubutawa. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana kulle a hannun mutum ɗaya, don a san wanda za a kai wa magani. Amma goge suna kaɗai bai wadatar ba. Idan rahoto ya ce "yarinya 'yar shekara 14 a aji shida mai tafiya da sanda", duk unguwa ta gane ta. Haka ma kiran masu cutar a filin taron safe, ko ɗora hotonsu a waya. Sirrin yana da iyaka ɗaya, kuma tun farko ake faɗa wa yaro: idan ya bayyana ana cutar da shi, za a sanar da waɗanda za su kare shi.

Sai rubuta sakamako. A ce an aika takardar izini gida 120, guda 95 suka dawo da sa hannu, yara 80 suka kawo fitsari, aka sami cutar a jikin 20. Abin da za a rubuta shi ne ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada, tare da bayyana cewa 40 ba su shiga ba. Ba za a ce kashi 25 cikin ɗari na yaran unguwar ba, domin almajirai da masu talla, waɗanda wataƙila sun fi kowa shiga ruwa, ba sa cikin ajin. 'Yan mata manya kan ƙi saboda kunya, mai al'ada kuma tsinken gwaji zai nuna jini a fitsarinta ko ba ta da cutar, sai an tabbatar da madubin likita. Duk wannan ya shiga rahoto, ko da adadin ya fito ƙasa da yadda masu ba da kuɗin aikin suka zata.

Kafin masu binciken su tattara kayansu, tambaye su ranar da za su dawo da sakamako, da wanda zai ba ɗanka maganin firazikwantal idan an same shi da cutar. Ka karɓi lambar wayar shugaban binciken, ka ajiye kwafin takardar da ka sa wa hannu.