Ruwan famfo yana wari: kulorin ne, farar wuta ce, ko tankinka ne?

Malam, ruwan famfonmu a Sabon Garin Zariya yana warin bilic. Guba ce?

A'a, kulorin ne, maganin da ake sa wa ruwa a wurin tacewa don ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ake ɗebowa daga Galma ko madatsar Shika ruwan kogi ne, dole a sa masa magani kafin ya shigo bututu. Ana so a tarar da ragowar kulorin, tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, a bakin famfonka, kuma hancin mutum yana kama shi tun a wannan ɗan adadin. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 5 ce a lita. Sha ruwanka.

To yaya zan kawar da warin? Yara sun ƙi sha.

Hajiya, ki tara a bokiti mai tsabta ko randa, ki rufe da ƙyalle mai tsabta maimakon murfi mai matsewa, ya kwana. Da safe warin ya tafi. Sai dai ruwan da kulorin ya fice daga cikinsa ba shi da sauran kariya, don haka a shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a daina barin yara suna tsoma hannu da moɗa cikin randa.

Na maƙwabcina a Hanwa ba ya warin komai. Nasa ya fi nawa kyau ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Kulorin raguwa yake yi a hanya: nisan bututu, zafin rana da dattin da ya tarar duk suna cinye shi. Ruwan da bai yi wari ba, wataƙila maganinsa ya ƙare tun kafin ya iso. Wataƙila kuma na rijiyar burtsatse ne da ba a taɓa sa masa magani ba. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su da wari ko kaɗan, saboda haka rashin wari ba shaidar tsabta ba ne.

Akwai lokacin da warin kulorin zai zama abin damuwa?

Akwai. In yana yaji a ido ko yana ƙaiƙayi a maƙogwaro, a dakata da sha. Fara tambayar ko wani a gidan ya zuba bilic a tanki ba tare da awo ba, domin sau da yawa nan amsar take. In kai tsaye daga layin ruwan gwamnati yake zuwa haka, kuma maƙwabta ma suna ji, a kai ƙorafi ofishin ruwa.

Injiniya, gidanmu a Tudun Wada yake. Muna da famfon gwamnati da rijiyar burtsatse, duka suna zuba a tankin ƙasa, inji ya tura tankin sama. Wata biyu ke nan ruwan yana ɗoyin baragurbi, musamman da asuba. Daga ina yake, kuma mu ci gaba da sha?

Alhaji, ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, domin gida mai mashiga biyu da tanki biyu yana da wurare aƙalla biyar da ɗoyin zai iya fitowa. Amma zan faɗa maka yadda nake bi, kuma za ka iya yi da kanka da kofi kawai.

Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai iska ce mai farar wuta a cikinta, wadda ake rubutawa H2S. Wasu ƙananan halittu ne ke fitar da ita, masu rayuwa a inda iska ba ta shiga: cikin lakar da ta kwanta a gindin tanki, cikin bututun da ruwa ya daɗe a tsaye, cikin magudanar ruwan wanke-wanke, ko can ƙasan rijiya. Abin da za ka nema shi ne wurin da ruwa ya kwanta babu iska.

Fara da abin da ya fi sauƙi. Tara ruwa a kofin gilashi mai tsabta, ka fita da shi tsakar gida, ka kaɗa, ka shinshina. In a can ba ya ɗoyi, ruwanka lafiya lau yake, magudana ce ke yi. Ƙarƙashin kwanon wanke hannu akwai bututu mai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa don ya toshe iskar kwata. In ya bushe, ko dauɗa ta taru a ciki, da ka buɗe famfo sai ruwan ya turo iskar sama, ka ɗauka daga famfo take. Na sha zuwa gida a ce in canza bututun gida gaba ɗaya, in tarar wannan ce kawai.

In ɗoyin ya biyo kofin waje, sai ka ɗauki kofi huɗu ka rubuta musu suna: ɗaya daga layin gwamnati kafin ya faɗa tankin ƙasa, ranar da aka kawo ruwa, ɗaya daga bakin burtsatse bayan inji ya yi minti goma yana aiki, ɗaya daga tankin ƙasa, ɗaya daga famfon banɗaki. Ka shinshina kowanne nan take, domin iskar tana ficewa da sauri, kuma ka ɗan huta tsakani, saboda hanci yana sabawa da ita.

Maganar asuba da ka yi tana da ma'ana. Ɗoyin da ke da ƙarfi a buɗewar farko, sannan ya ragu bayan ruwa ya zuba minti biyu ko uku, yana nuna ruwan da ya kwana a bututu ne, musamman tsofaffin bututun ƙarfe da suka yi tsatsa a ciki, ko reshen da aka toshe bakinsa aka bari da ruwa. In kuwa bai ragu ba komai daɗewar zuba, a koma tanki ko rijiya.

Bara na yi irin wannan aikin a Gyallesu. Kofin layin gwamnati yana ɗan warin kulorin, na burtsatse ba ya komai, na tankin ƙasa yana ɗan tashi, na banɗaki kuwa ba a iya kai shi hanci. Da muka hau tankin sama, mai cin lita 2,000, murfinsa ya tsage, a gindi akwai baƙar laka mai santsi kusan kaurin yatsa biyu. Mai gidan ya ce shekara huɗu ba a wanke shi ba. Ƙurar hunturu da ganye suna shiga ta tsagar, zafin bazara yana dafa ruwan, ɗan kulorin da ya zo da ruwan gwamnati kuma ya narke cikin ruwan burtsatse, ba abin da ya rage.

Ga abin da muka yi. Muka zubar da ruwan, muka kwashe lakar, muka goge bango da buroshi mai dogon hannu. Muka cika tankin, muka zuba bilic marar turare. Awon da ake nema miligiram 50 ne a lita. In kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin ɗari, to kowace lita ta bilic tana da giram 35 na kulorin, saboda haka tankin lita 1,000 yana buƙatar kusan lita ɗaya da rabi, nasa mai lita 2,000 ya ci kusan lita uku. Muka buɗe kowane famfo har warin bilic ya fito, muka rufe, aka bar shi awa 24 ba wanda ya taɓa. Washegari aka zubar, nesa da shuka da tafkin kifi, aka ɗauraye har warin ya lafa, aka sa sabon murfi. Aka yi wa tankin ƙasa haka shi ma.

Amma kada ka ɗauka naka dole haka yake. In bayan wanki ɗoyin ya dawo cikin mako biyu ko uku, ko kuma tun farko kofin burtsatse ne ke ɗoyi, to matsalar tana cikin rijiyar. Nan ma kashi biyu ne. Yana iya zama iskar ce kawai daga ruwan ƙasa, wadda shan iska kafin ya shiga tanki ke ragewa. Yana iya zama kuma ruwan salga ne ke tsatsafowa, kuma hanci ba zai iya raba maka su da tabbaci ba. Je ka auna tazarar rijiyar da ramin masai, naka da na maƙwabci. Ana son mita 30, kuma a gidajenmu na cikin gari da wuya a samu. In ɗoyin yana ƙaruwa bayan ruwan sama, ko ruwan yana gurɓacewa da damina, ni na fi karkata ga salga. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji an duba ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida.

Batun sha kuwa: ita iskar, a adadin da ake samu a famfo, ta fi ɓata ɗanɗano fiye da cutarwa. Abin tsoron shi ne wurin da ya haife ta. Har ka gano tushen, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓulɓula, musamman na jarirai da tsofaffi.

Ruwan zafi ne kawai ke ɗoyi.

Hita ce, wato tankin ɗumama ruwa. Akwai sandar ƙarfe a cikinta da aka sa don hana tsatsa, ita ke taimaka wa ɗoyin. A zubar da ruwan, a ɗauraye, a ɗaga zafin sama da digiri 60 na 'yan awanni, a kula kada ya ƙona yara. In ya dawo, a canza sandar.

In an daɗe ba a kawo ruwa ba, na farko yana zuwa da warin kwata.

Kada ki sha, kada ki bari ya shiga tanki. Lokacin da bututu ya zama fanko, duk inda ya huje yana tsotso abin da ke kewaye da shi. Ki bi reshen da ya shigo gidanku ki gani ko ya ratsa cikin lambatu. Mutane suna ɗaure huda da robar taya su ce an gyara. Ba a gyara ba, a yanke wurin a sa sabo, a ɗaga shi daga cikin kwata.

Zan iya tura yaro ya shiga tankin ƙasa ya wanke?

Kul! Iskar nan mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take taruwa, kuma in ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali lokacin ta fi haɗari. A buɗe murfi ya daɗe yana shan iska, a wanke daga sama. In shiga ta zama dole, babba ne zai shiga, da igiya a ƙugu, da mutum biyu a bakin ramin. Kuma kada a taɓa haɗa bilic da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu.

Zoben azurfar matata ya yi baƙi.

Alama ce ta wannan iskar, haka take yi wa azurfa da tagulla. Yi gwajin kofi huɗun nan.