Amosani da Soriyasis na Fatar Kai

Amosani da soriyasis na fatar kai cututtuka biyu ne da ke sa ƙaiƙayi da zubar ɓawo, shi ya sa ake yawan ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Asalinsu daban, maganinsu ma daban. Amosani yana da nasaba da wani nau'in yis mai suna Malaseziya, wanda ke rayuwa a fatar kowa yana cin maiƙon da take fitarwa. Soriyasis kuwa daga garkuwar jiki yake tasowa: ƙwayoyin fata da kan ɗauki kusan wata guda kafin su sabunta sai su riƙa yin haka cikin 'yan kwanaki, su taru su yi tudu. Babu wanda ake ɗauka daga wani a cikinsu.

Tarihi

An daɗe a Turai ana haɗa soriyasis da kuturta. Likitan Ingila Robert Willan ya bayyana kamanninsa a wajen 1808, amma bai raba shi da sunan kuturta ba. Likita Ferdinand von Hebra na birnin Biyana a Ostiriya ne ake jinginawa raba su, a wajen 1841. A 1874 Bafaranshe Louis-Charles Malassez ya ga yis ɗin a cikin ɓawon amosani, daga baya aka sa masa sunansa. An shafe shekaru ana gardama kan ko yis ɗin ne sanadi ko kuwa ɗan rakiya. Yadda magungunan kashe shi ke kwantar da amosani ya ƙarfafa ra'ayi na farko. Heinrich Köbner kuma, a shekarun 1870, ya lura soriyasis kan fito a inda fata ta ji rauni. Wannan ne dalilin da susa, kankare kai da mataji, ko kitso mai tsauri ke iya tsiro da sabon tabo.

Yadda ake bambancewa

Ɓawon amosani ƙanana ne, fari ko rawaya-rawaya, mai ɗan maiƙo, a warwatse ko'ina a kai ba tare da iyaka ba. Na soriyasis busasshe ne mai kauri, a zaune kan tudun da yatsa zai iya bin gefensa. Littattafai kan ce tudun ja ne, ɓawon kamar azurfa, amma wannan kwatancen farar fata ne. A baƙar fata yakan fito da duhu ko shunayya-shunayya, ɓawon kuma toka-toka. Yakan tsallake iyakar gashi ya sauko goshi, bayan kunne ko ƙeya, kuma idan aka ɓamɓare ɓawon sai ɗigon jini ƙanana su bayyana. Likita kan duba gwiwar hannu, gwiwa da farce, domin ƙananan ramuka a farce suna nuni ga soriyasis.

A yaro ƙarami, ɓawo tare da karyewar gashi ya fi kama da makero, wanda maganin sha yake buƙata.

Magani

Amosani yana jin shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako har mako biyu zuwa huɗu. A bar kumfar a fatar kai minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye. Masu wankewa nan take su ne ke cewa bai yi aiki ba. Bayan ya lafa, sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa, don yakan dawo. Shamfu mai seleniyam salfaid ma yana yi.

Soriyasis mataki biyu ne. Da farko a tausasa ɓawon da man da ke da salisilik asid, a bar shi na wasu awanni ko ya kwana, sannan a wanke, domin magani ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Sai a shafa sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, mai ƙarfi irin su betametazon, shi kaɗai ko haɗe da kalsipotiriyol, kullum har kimanin mako huɗu bisa umarnin likita. Wuce haka, musamman a goshi, yana sirantar da fata. Idan soriyasis ya game jiki ko gaɓoɓi sun fara ciwo, ana komawa ga maganin sha irin su metotireksat. Kulorokwin na cikin magungunan da kan iya tayar da soriyasis.

Misali, mace mai kitso ta yi wata guda tana wanke kai da ketokonazol, ƙaiƙayin ya ragu amma tudu biyu a ƙeya suna nan, ga ramuka a farcenta. Wannan ya fi kama da soriyasis. Tun da ba kullum take wanke kai ba, maganin shafawa da ake bi tsagar kitso da shi ya fi mata shamfu amfani, kuma a sassauta kitson.

Akwai masu alamun biyu a haɗe. Masana ba su daidaita ba kan ko cuta ce mai zaman kanta, kuma yawanci ana ba su magungunan biyu tare.