Waiwaye: yadda layin Phillips ya miƙe tsaye bayan mutane sun farga

A shekarar 1958 wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar New Zealand da ke koyarwa a Landan, A. W. Phillips, ya tattara alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957. Abin da ya gani shi ne, a shekarun da marasa aikin yi suka yi kaɗan, albashi yakan tashi da sauri, a shekarun da suka yi yawa kuwa sai albashi ya yi ta jan ƙafa. Layin da ke nuna wannan alaƙa a zane shi ake kira layin Phillips. A 1960 Paul Samuelson da Robert Solow suka ɗora wannan a kan Amurka, suka sa hauhawar farashi a gurbin ƙarin albashi. Daga nan masu tsara manufofi da yawa suka ɗauka cewa gwamnati tana da zaɓi: ta yarda farashi ya ɗan ƙara gudu, ita kuma ta rage yawan masu zaman kashe wando, kuma cinikin ya zauna a haka.

Shekarun 1960 sun yi kamar sun gaskata su. Rashin aikin yi a Amurka ya sauka daga kusan kashi 6.7 cikin ɗari a 1961 zuwa kashi 3.5 a 1969, hauhawar farashi kuma ta hau daga wajen kashi 1 zuwa sama da kashi 5. Ana tsakiyar wannan ne Edmund Phelps a 1967, da Milton Friedman a jawabinsa na Disambar 1967 wanda aka buga a 1968, suka ce wannan ciniki ba zai ɗore ba. Ya kamata ɗalibi ya riƙe shekarun nan, domin sun faɗi maganar tun kafin alƙaluma su goyi bayansu.

Hujjarsu ta tsaya a kan abu ɗaya. Ma'aikaci ba lambar da ke jikin takardar albashi yake ci ba, abin da kuɗin za su sayo masa a kasuwa shi ne damuwarsa. Kuma ranar da yake sa hannu a yarjejeniyar shekara bai san farashin gobe ba, hasashe kawai yake yi. Ɗauki ma'aikaci mai albashin naira 100,000, buhun shinkafa kuma 50,000, wato albashinsa buhu biyu ne daidai. Kowa na tsammanin farashi zai ƙaru da kashi 3, buhu ya koma 51,500. Sai babban banki ya rage kuɗin ruwa, kuɗi suka yawaita a hannun jama'a, ciniki ya buɗe, farashi ya ƙaru da kashi 5. Mai masana'anta shi ne ya fara ganin haka tunda kayansa ne ake saye, sai ya ƙara albashi zuwa 104,000 don ya samu ƙarin hannu. A lissafin ma'aikaci ya ci riba, domin kashi 4 ya fi kashi 3 da yake tsammani, har wanda ke gida yana jiran aiki mai gwaɓi ya karɓi wannan. Amma buhu ya koma 52,500, biyu sun zama 105,000, albashin bai kai ba. Ƙwadago ya yi wa mai masana'anta araha, shi ya sa ya ɗauki mutane. Ashe bazata ce ta rage rashin aikin, wato tazarar da ke tsakanin farashin da aka zata da wanda aka tarar.

A takardar jarrabawa ga yadda ake rubuta shi:

```
π = πe − β(u − u*)
```

A nan π hauhawar farashi ce, πe wadda ake tsammani, u rashin aikin yi, u* kuwa matakinsa na asali, wanda yake nan ko da hasashen kowa ya yi daidai, saboda masu sauya aiki da waɗanda sana'arsu ba ta dace da guraben da ake da su ba. β na nuna ƙarfin tasirin giɓin da ke tsakanin u da u* a kan farashi.

Mu sa u* kashi 6, β ya zama 1, mutane kuma su riƙa ɗaukar hauhawar bara a matsayin hasashen bana. An fara da kashi 3. Gwamnati ta nace sai rashin aiki ya tsaya a kashi 4. Shekarar farko π ya zama 3 da 2, wato 5. Da aka zo sabunta yarjejeniya, ƙungiyar ƙwadago ta ce ba za a yi mata sakiyar da ba ruwa sau biyu ba, ta sa kashi 5 a lissafinta. Don a ci gaba da riƙe kashi 4, dole farashi ya sake wuce hasashe da maki 2, sai ya zama 7, shekara ta uku kuma 9. In gwamnati ta gaji a nan ta saki, rashin aiki zai koma kashi 6, amma hauhawar farashi za ta zauna a 9, domin nan hasashe ya tsaya. A zane, kowane sabon hasashe yana ɗaga layin gajeren zango sama. In ka haɗa wuraren da π ya yi daidai da πe, wato rashin aiki 6 da hauhawa 3, 6 da 5, 6 da 9, za ka samu layi a miƙe tsaye a kan u*. Wannan shi ne layin dogon zango.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne rikita tafiya a kan layi da matsawar layin gaba ɗaya. Ƙaruwar buƙata alhali hasashe bai sauya ba tafiya ce a kan layi ɗaya. Sauyin hasashe, ko tsadar abin da ake sarrafawa da shi kamar man fetur, shi ke matsar da layin.

Shekarun 1970 suka zo da abin da tsohon layin ba zai iya bayyanawa ba. A 1975 Amurka ta haɗa rashin aiki na kashi 8.5 da hauhawar farashi ta wajen kashi 9. Gaskiya tashin farashin mai na 1973 yana da hannu babba a ciki, kuma amsar da ta ɗora komai a kan hasashe ta rage wani abu. Sai dai farashi ya riga ya fara gudu tun kafin rikicin man. A wannan zamanin ne Robert Lucas da Thomas Sargent suka ƙara gaba, suka ce mutane ba bara kaɗai suke kallo ba, suna sauraron abin da babban banki ke shirin yi. In haka ne, manufar da aka sanar kowa ya gaskata ba za ta rage rashin aiki ba ko na ɗan lokaci. A ganina wannan ya ɗan yi zafi, domin albashi da farashin da aka ƙulla a yarjejeniya ba sa motsawa rana ɗaya ko da kowa ya san abin da ke tafe.

Hanyar komowa ita ce ta nuna haka. A misalinmu, sauko da farashi daga 9 zuwa 3 na buƙatar maki 6, kamar a riƙe rashin aiki a kashi 8 har shekara uku. Paul Volcker ya karɓi shugabancin babban bankin Amurka a Agustan 1979, ya tsuke bakin aljihu, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo. Hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 13.5 a 1980 zuwa wajen kashi 3 a 1983, amma sai da rashin aiki ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982. Da hasashe yana sauyawa nan take da jin sanarwa, da ba a biya wannan tsadar ba.