Don Allah ku daina ce wa filamba ya ƙara wa fayif gangara

Jama'a wallahi na gaji da abu ɗaya. Duk gidan da aka kira mu saboda wari ko banɗaki ya toshe, in aka tona sai ka ga fayif ɗin a tsiyaye kamar za a zuba hatsi a buhu, kuma in ka tambaya sai maigida ya ce ai shi ya ce a ƙara gangara don ruwa ya riƙa gudu. To ruwan dai ya gudu, amma ya bar kayan a baya!

Fayif ɗin da yake kwance ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, akwai bahaya da tishu da maiƙo, kuma ruwan ne yake tallabe su ya tafi da su a hankali. In gangara ta yi yawa, musamman in ɗan ruwa kaɗan aka zuba, sai ya zama siriri ya wuce fuu, kayan su zauna su bushe a jikin fayif, gobe wasu su zo su tarar da su. Sannan lanƙwasar nan da ke ƙarƙashin sinki mai riƙe ruwa, in fayif ɗin da ya biyo bayanta ya gangara sosai yakan zuƙe ruwan nan tas, za ku ji yana ƙugi bayan ruwa ya wuce, daga nan warin sokawe da kyankyasai sun samu hanya har cikin ɗaki inda yaranku suke kwana.

Ga lissafin, ba wuya. Fayif mai inci 4 na banɗaki, a kowace mita 1 ya sauka kamar santimita 2 da rabi, shi ne 1 cikin 40. A ce daga banɗaki zuwa chamba, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake duba fayif ta cikinsa, mita 6 ne, saukar gaba ɗaya santimita 15 ce kawai. Amma sai ka ga an ba shi 60 wai don bakin chamba yana ƙasa. Haba malam! In ƙasar ce ta gangara, a ja fayif da 15 ɗin nan, ragowar 45 a sauke ta a tsaye a bakin chamba, a bar wurin buɗewa don wankewa.

Kuma kada wani ya ji haka ya je ya shimfiɗa shi lebur, in ya gaza santimita 1 a mita ruwan ma kwanciya zai yi.

Kafin a rufe rami, ku ja igiya ku auna da tef da kanku, a daddage ƙasan fayif kada tsakiyarsa ya lotsa, a zuba bokitin ruwa da ɗan tishu ku tsaya a chamba ku gani ko sun fito tare. In ruwa ya iso tishu bai iso ba, kada ku yarda a zuba siminti, a gyara tukuna. Kuma don Allah in filamba ya auna daidai ku ƙyale shi, ku daina tsayawa a kansa kuna "ƙara kaɗan".